Yadda zaka gane "ne" ɗin Indiyanci, da dalilin da yasa aikatau ke juyawa aikau baya ya bi karɓau

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya sha jin "maine", "tumne", "usne" a bakin jarumai, har ma akwai fim ɗin Salman Khan na 1989 mai suna Maine Pyar Kiya, wato "na yi soyayya". To wannan ƙaramar "ne" da ke maƙale a bayan "mai" ita ce wajen da yawancinmu masu koyon Hindi muke cijewa, ba don tana da wahalar furtawa ba, sai don da zarar ta shigo jimla aikatau ya daina kallon mai aikin kwata-kwata, ya koma kallon abin da aka yi wa aikin. Masana harshe suna kiran wannan tsarin agatif, amma sunan ba shi zai taimake ka ba lokacin da kake tsaye gaban mai shago a Delhi kana son kace ka riga ka biya kuɗi.

Kafin komai ka cire Hausa daga kunnenka game da kalmomi biyu. "Ne" ta Hindi, wadda ake rubutawa ने, ba ta da wata alaƙa da "ne" ɗinmu na "yaro ne", haka "ko" ɗinsu, को, ba "ko" ɗinmu na zaɓi bane. Kama ce kawai ta sauti. Misalan da zan kawo zan rubuta su da boko yadda muke ji, wasali biyu a tsakiyar kalma yana nufin a ja shi, "c" ita ce irin ta "ci", sannan "n" da ke ƙarshen kalmomi irin "main" da "khaayin" ba a furta ta sosai, ta hanci ake fitar da wasalin.

Mu fara da abin da muka saba. A Hausa muna cewa yaro ya ci gurasa, yarinya ta ci gurasa, yara sun ci gurasa, ya da ta da sun duk mai cin suke bi, gurasar kuwa ba ruwanta. Hindi ma haka take a yawancin lokuta: "larka roti khaata hai" yaro yana cin roti, "larki roti khaati hai" yarinya tana cin roti. Ka ga khaata da khaati suna bin yaro da yarinya. Yanzu mu mayar da aikin ya zama an gama shi:

Larke ne roti khaayi. Yaro ya ci roti.
Larki ne roti khaayi. Yarinya ta ci roti.
Larki ne aam khaaya. Yarinya ta ci mangwaro.
Larke ne aam khaaya. Yaro ya ci mangwaro.

Tsaya ka kalli waɗannan huɗun da kyau domin duk darasin yana cikinsu. A biyun farko mun canza mai ci daga namiji zuwa mace amma khaayi bai motsa ba, saboda roti kalmar mace ce. A biyun ƙarshe aam kalmar namiji ce shi yasa aka samu khaaya, ko da kuwa yarinya ce ta ci. Ƙato mai gemu zai ce "maine roti khaayi" kuma daidai ya faɗa, amarya zata ce "maine aam khaaya" ita ma daidai ta faɗa.

Abin da ya sa na daina rikicewa shi ne ranar da malaminmu ya faɗa mana ka'ida guda ɗaya tak: aikatau a Hindi baya yarda ya bi sunan da ke da ɗan harafi maƙale a bayansa, irin "ne" da "ko". Idan aikau, wato mai aikin, ya ɗauki ne, an rufe masa ƙofa kenan, sai aikatau ya waiga ya nemi sunan da yake tsirara ba komai a bayansa, yawanci karɓau ne, wato abin da aka yi wa aikin, ya bi shi. Idan shi ma karɓau ɗin an rufe shi da ko, sai aikatau ya koma siffarsa ta zaman kansa, namiji tilo. Duk sauran abin da zan faɗa rassan wannan ne.

Mataki na farko: shin aikin ya kammala?

Nan ne mutane suke fara kuskure domin an ce musu "ne ta shuɗaɗɗen lokaci ce", kuma wannan maganar rabin gaskiya ce. Ba kowane abin da ya wuce ke ɗaukar ne ba, sai wanda aka kawo shi a matsayin kammalallen aiki, irin "na sha", "na riga na sha", "na taɓa sha". Amma "ina shan shayi kullum a da" ko "ina cikin shan shayi lokacin da ka shigo" duk da sun wuce ba su kammala a cikin jimlar ba, don haka babu ne kuma aikatau yana bin mai aikin kamar Hausa. Namiji zai ce "main roz caay piita tha", mace tace "main roz caay piiti thi". Haka "main caay pi raha tha" da "main caay pi rahi thi". Alamar da zaka riƙe mai sauƙi ce, in ka ga -ta, -ti, -te a jikin aikatau, ko ka ga raha, rahi, rahe, to kada ne ta kusanci jimlar. Amma "na sha shayi" shi ne "maine caay pi", ko kai namiji ne ko mace.

Mataki na biyu: shin aikatau ɗin so-karɓau ne?

Ka tambayi aikatau ɗin "me?" ko "wa?". Ya ci me, ya karanta me, ya ga wa, duk suna da amsa, waɗannan su ne masu ɗaukar ne. Amma ya tafi, ya zo, ya zauna, ya yi barci, ya tashi, ba su da abin da suka faɗa wa, don haka "larka gaya", "larki gayi", "larke gaye", babu ne kuma mai aikin ake bi. Abin lura shi ne ba sai karɓau ya fito fili ba, in dai aikatau ɗin irin mai karɓau ne to ne tana nan: "maine khaaya" na ci, "usne dekha" ya gani ko ta gani, "aapne kya kaha?" me kuka ce. Da yake ba wani suna tsirara da za a bi, aikatau ya zauna a namiji tilo.

Mataki na uku: gyara aikau ɗin kafin ka liƙa masa ne

Wakilan suna gara ka haddace su haka nan kamar yadda ka haddace karatun allo, suna da sauƙi: maine ni, tuune kai na raini ko na kusanci sosai, tumne kai, aapne ku na girmamawa, hamne mu, isne da usne shi ko ita na kusa da na nesa, inhone da unhone su, kisne wa. Kada ka ce "wo ne" ko "mujh ne", ba a cewa haka. Unhone kuma shi ake yi wa babban mutum ko da shi kaɗai ne, yadda muke cewa "Baba sun ce".

Sunaye kuwa, na namiji mai ƙarewa da -a yawanci yana komawa -e a gaban ne, shi yasa larka ya zama "larke ne". Wannan ya kan ruɗa mutum domin larke shi ne kuma jam'in larka, amma in jam'i ake nufi a gaban ne sai ace "larkon ne", mata kuma "larkiyon ne". To "larke ne" yaro ɗaya ne, "larkon ne" yara da yawa.

Mataki na huɗu, wanda shi ne aikin gaske: jinsi da adadin karɓau

Ƙarshen aikatau guda huɗu ne. Namiji tilo -a, maza jam'i -e, mace tilo -i, mata jam'i -in ta hanci. Mu ɗauki parhna, karantawa: maine akhbaar parha na karanta jarida, maine do akhbaar parhe na karanta jaridu biyu, maine kitaab parhi na karanta littafi, maine do kitaaben parhin na karanta littattafai biyu. Akwai aikatau huɗu da ba sa bin hanya kuma su ne aka fi amfani da su kullum, karna yi yana bada kiya, kiye, ki, kin, sai dena bayarwa diya, diye, di, din, sai lena ɗauka liya, liye, li, lin, sai piina sha piya, piye, pi, pin.

Mu Hausawa muna da sa'a a nan, tunda harshenmu ma yana raba kalmomi maza da mata, ba sai an yi ta mana bayanin yadda kujera zata zama mace ba. Amma wannan sa'ar ita ce kuma tarkon, domin kunnenka zai riƙa ɗauko jinsin Hausa ya ɗora wa kalmar Hindi ba tare da ka sani ba. Littafi namiji ne a wajenmu, kitaab mace ce. Shayi namiji ne, caay mace ce. Jarida mace ce, akhbaar namiji ne. Ƙofa mace ce, darwaaza namiji ne. Ni kaina na fi wata biyu ina cewa "maine caay piya" saboda a raina shayi namiji ne, mutane suna gane ni ba wanda ya tsaya gyara min, sai da wata tsohuwa da muke haya a gidanta ta riƙa maimaita min "pi, beta, caay pi" a hankali duk safiya kafin abin ya zauna. Wasu kuma sun dace da namu, gaari mace ce kamar mota, ghar namiji ne kamar gida, paani namiji ne kamar ruwa, duniya mace ce can da nan.

Ana cewa mai ƙarewa da -a namiji ne mai ƙarewa da -i mace ce, kuma yana aiki sau da yawa, kela ayaba da kamra ɗaki maza ne, roti da kursi mata ne. Sai dai paani da dahi da ghii maza ne duk da -i ɗinsu, dawa magani da hawa iska da bhaasha harshe mata ne duk da -a ɗinsu, kalmomin da suka ƙare da baƙi kuwa irin kitaab da aam ba abin da zai nuna maka. Shawarata ita ce kada ka taɓa rubuta sabon suna a littafinka shi kaɗai, rubuta shi da aikatau ɗinsa, "caay pi", "paani piya", "kitaab parhi", "film dekhi", "khaana khaaya". Bakinka zai riƙe su a haɗe, ranar magana ba sai ka tsaya lissafi ba.

Mataki na biyar: duba ko akwai ko

Hindi tana sa ko a bayan karɓau idan mutum ne, ko wani abu takamaimai da aka riga aka sani. Da zarar ko ta zo, an rufe karɓau shi ma, sai aikatau ya tsaya a -a ko da mata ɗari aka gani: "maine larki ko dekha" na ga yarinyar, "maine larkiyon ko dekha" na ga 'yan matan, "maan ne beti ko bulaaya" uwa ta kira 'yarta. A jimlar ƙarshen nan mace ce ta kira mace amma bulaaya ya fito da siffar namiji, kuma haka ya kamata. Kwatanta "maine kitaab parhi" da "maine is kitaab ko parha", littafi ɗaya ne, ko ce kawai ta bambanta su.

Akwai ko da ke ɓuya a cikin wakilin suna, mujhe daidai yake da mujhko, haka tumhen, use, hamen, unhen. Don haka mace zata ce "usne mujhe dekha" ya ganni, ba dekhi ba.

Amma fa a kula, ba duk ko ce ke tsayar da aikatau ba. In jimla tana da wanda aka ba da kuma abin da aka bayar, ko tana kan wanda aka ba ne, abin da aka bayar yana nan tsirara, shi za a bi. "Maan ne bacce ko dawa di" uwa ta ba yaro magani, di tana bin dawa. "Maine dost ko paise diye" na ba aboki kuɗi, diye yana bin paise wanda jam'in maza ne. To tambayar ba "akwai ko a jimlar?" bace, tambayar ita ce "akwai sauran sunan da ba a rufe ba?"

Mu gwada da labari guda

A ce wata baiwar Allah, mu kira ta Amina, ta je Indiya neman magani tana ba maƙwabciyarta labarin jiya. Zata fara da "kal main subah uthi", jiya na tashi da safe. Uthna ba shi da karɓau, don haka main ce ba maine ba, uthi kuma yana bin Amina. Sai "maine caay pi aur do ande khaaye", na sha shayi na ci ƙwai biyu. Aikau ɗaya ne amma aikatau biyun kowanne ya bi nasa, pi ya bi caay, khaaye ya bi ande jam'in maza. Sai "phir main aspataal gayi", daga nan na tafi asibiti, mun dawo main domin tafiya ce. "Daaktar ne mujhe dekha", likita ya duba ni, ne ta rufe likita, mujhe ya rufe Amina, dekha ya zauna shi kaɗai, kuma daga wannan jimlar ba zaka san likitan namiji ne ko mace ba. "Unhone mujhe do goliyaan din", sun ba ni ƙwayoyi biyu, a nan mujhe wanda aka ba ne, goliyaan mata ne jam'i kuma tsirara, shi yasa din. "Maine paise diye", na biya kuɗi. Sai ta rufe da "main dawa ghar laayi", na kawo maganin gida.

Yanzu a ce mijinta ne ke bada labarin kansa da kalmomi iri ɗaya. Guri uku kawai zai canza, utha a madadin uthi, gaya a madadin gayi, laaya a madadin laayi. Duk jimlar da ke da ne zata tsaya yadda take harafi da harafi. Wannan shi ne gwajin da nake amfani da shi har yau in na rubuta abu ina shakka: in canza mai magana daga namiji zuwa mace, in jimlar tana da ne kuma na ji aikatau yana son motsawa, to akwai kuskure.

Wataƙila ka lura da jimlar ƙarshe, kawo magani ai akwai karɓau, me yasa ba maine ba? Laana yana cikin 'yan tsirarun da suka fita daga ka'ida, domin asalinsa "le aana" ne, ɗauko ka zo, kuma zuwa ba ya ɗaukar ne. Haka bolna yin magana yawanci "wo bola", "wo boli" ake cewa, alhali kahna faɗa yana ɗauka, "usne kaha". Bhuulna mantawa da milna haɗuwa su ma babu, "main usse mila" na haɗu da shi. A ɗaya gefen kuma akwai irin atishawa da tari da ba su da karɓau amma ana jin su da ne, "usne chiinka" ya yi atishawa.

Wannan asalin na laana shi zai buɗe maka wani babi mai girma, wato aikatau masu tafiya biyu-biyu, waɗanda Indiyawa ba sa minti ɗaya ba su yi amfani da su ba. A irinsu sai duka biyun sun zama masu karɓau kafin ne ta shigo. "Usne roti kha li" ya cinye roti, na biyun lena ne, akwai ne, li tana bin roti. Amma "wo roti kha gaya" ya cinye roti tas, na biyun jaana ne, tafiya, babu ne kuma gaya yana bin mai cin. Sakna iyawa da cukna gamawa ba sa yarda da ne ko kaɗan: "main kitaab nahin parh saka" ban iya karanta littafin ba, "wo khaana kha cuki hai" ta riga ta ci abinci. Haka in ka haɗa aiki biyu da -kar, na ƙarshe ne ke yanke hukunci, "maine baazaar jaakar kele khariide" na je kasuwa na sayi ayaba, amma "main kele khariidkar ghar aaya" na sayi ayaba na dawo gida.

Sai kuma masu tafiya da karna, irin namu na "yi ƙoƙari", "yi magana", "yi taimako". A nan sunan da ke gaban karna shi ne karɓau ɗin. Koshish ƙoƙari mace ce, "maine koshish ki". Baat magana mace ce, "hamne baat ki". Madad taimako mace ce, "usne meri madad ki" ya taimake ni. Kaam aiki da intazaar jira maza ne, "maine kaam kiya", "maine tumhaara intazaar kiya". Yanzu ka koma kan sunan fim ɗin can, kiya ɗin ba jarumin yake bi ba, pyaar yake bi domin kalmar namiji ce, da jarumar ce ta faɗa ma haka zata ce.

In ka ƙara hai ko tha a ƙarshe don kace "na riga na" ko "a da na", su ma karɓau suke bi: "maine ye film dekhi hai" na taɓa kallon fim ɗin nan, "maine kele khariide the" na sayi ayaba a lokacin. A mata jam'i sautin hancin yana barin aikatau ya koma kan na ƙarshen, "maine ye kitaaben parhi hain", ba parhin hain ba. Girmamawa ma ba ta ratsa ne, zaka ce "pitaaji aaye" baba sun zo da siffar jam'i, amma "pitaaji ne caay pi", shayin ne ke da iko da aikatau.

In kana mamakin daga ina wannan juyin ya fito, daga Sanskirit ne, inda ake yawan faɗin abin da ya kammala ta fuskar abin da aka yi wa aikin, kamar "maya pustakam pathitam", wato littafi ya karantu ta hannuna. Siffar pathitam littafin take siffantawa, shi yasa take binsa, kuma jikokinta su ne parha da parhi na yau. Ma'anar ta dawo "na karanta" kai tsaye amma bin karɓau ya zauna. Mu ma in ka duba aikatau ɗinmu ba baƙo bane wajen kallon abin da ke bayansa, muna cewa ya sayi littafi, ya saye shi, abin da ya saya, sau uku "saya" ya canza kaya saboda karɓau, sai dai namu irin karɓau ɗin yake dubawa, nasu jinsinsa da adadinsa.

Urdu ma wannan tsarin gare ta daidai wa daida, in ka iya shi zai yi maka aiki a Lahore kamar yadda zai yi a Delhi. Amma kada ka rikice in ka ji ɗan Mumbai ko Hyderabad ko wani daga Bihar yace "main khaana khaaya" ko "ham roti khaaye" babu ne, Hindin titi na waɗancan wuraren yana yawan zubar da ita, kuma harsuna irin Bhojpuri dama ba su da ita. A finafinai ma zaka ji ana sa irin wannan maganar a bakin 'yan daban Mumbai. A aji, a jarrabawa, a jarida da labaran talabijin kuwa, "maine khaana khaaya" ake jira daga gare ka.